Yadda ake sanar da rangwamen 'yan kwanaki ba tare da kaya sun zube a idon mai saye ba

Duk ɗan kasuwar da ya gina suna a kan nagartar kayansa yana tsoron ranar da zai yi ragi. Yana buƙatar kuɗinsa su dawo, kaya sun fara kwantai, ga kuɗin hayar shago a Abuja da ake biya na shekara guda a dunƙule. Amma ya san cewa da zarar ya rubuta sanarwar ba daidai ba, mutanen da suka daɗe suna biyan cikakken farashi za su fara tambayar kansu ko dama can cutarsu yake yi. Tsoron nan yana da tushe. Sai dai abin da ke zubar da darajar kaya ba ragin ba ne shi kaɗai. Ragin da ba a faɗi dalilinsa ba, ba a yi masa iyaka ba, kuma aka sanar da shi cikin muryar roƙo, shi ne ke yin ɓarnar. Aikin gajeriyar sanarwa shi ne ta sayar da kayan wannan makon, ta kuma bar tsohon farashin da ransa domin mako mai zuwa.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Wani Alhaji yana da shagon kaftani ɗinkakke a Wuse 2, shadda mai kyau da aikin hannu a wuya. Babbar Sallah ta wuce, kasuwa ta yi sanyi kamar yadda take yi kowace shekara bayan mutane sun kashe kuɗinsu a kan rago da ɗinkin yara. Kaftani 40 suka rage masa daga ɗinkin Sallah. A ce yana sayar da kowanne naira 90,000, kuma kowanne ya tsaya masa a kan 58,000 idan aka haɗa yadi da tela da mai aikin wuya da jakar da ake saka shi. Ribarsa 32,000 ke nan a kan guda.

Kafin ya rubuta kalma ɗaya sai ya zauna da lissafi, domin girman ragin shi ne abu na farko da mai karatu zai auna shagon da shi. Idan ya cire 15,000, farashin ya koma 75,000, ribar ta sauko zuwa 17,000. Ragin bai kai kashi 17 cikin ɗari ba, amma ya cinye kusan rabin ribar. Ribar da a da yake samu a kaftani 10, wato 320,000, yanzu sai ya sayar da 19 zai same ta. Idan kuwa ya ce zai yi ragin kashi 30 domin sanarwar ta yi ƙara, farashin ya zama 63,000, riba 5,000 kacal, kuma sai ya sayar da guda 64 kafin ya mayar da ribar guda 10 ɗin nan, alhali 40 ne gaba ɗaya a shagon. Rabin farashi kuwa asara ce ta 13,000 a kan kowace riga.

Masu saye ba su san waɗannan alƙaluman ba, amma suna yin nasu lissafin. Mutumin da ya ga an rubuta “rabin kuɗi” a kan rigar 90,000 ba ya cewa Alhaji ya yi karamci. Abin da ke zuwa masa a rai ɗaya ne cikin biyu: ko dai rigar tun asali ba ta kai haka ba, ko kuma shagon na shirin rufewa. Duk wanda ya ɗauka a ciki, ba zai sake miƙa 90,000 da daɗin rai ba. Shi ya sa a kayan da ake saye don mutunci, irin su shadda da leshi da turare da takalmin fata, ragi matsakaici ya fi babba amfani. A ganina, idan ragin ya wuce kashi 20 zuwa 25 a irin waɗannan kayan, an bar maganar rangwame an shiga karyar da kaya, kuma wannan ba abin da ake yi wa shela ba ne.

To ga rubutun da yaron shago ya fara kawo wa Alhaji, irin wanda kowa ya saba gani a sitatus:

“GARAƁASA!!! GARAƁASA!!! Kaya sun zama banza! Mun karya farashin KOMAI da ke shago! Ku yi sauri kafin ya ƙare!!! Wallahi ba za ku samu irin wannan a ko'ina ba. Don Allah a taya mu yaɗawa. Mai buƙata ya yi magana ta akwatin sirri.”

Yaron bai yi da mugun nufi ba, kuma rubutun zai iya jawo 'yan kira. Amma a duba abin da ya gaya wa mai karatu. Ya ce kayan banza ne, da bakin shagon. Ya ce komai aka karya wa farashi, wanda ke nufin babu wani farashi a shagon da za a sake amincewa da shi. Bai faɗi nawa ba ne, bai faɗi ranar da za a daina ba, sai “kafin ya ƙare”, kuma kowa ya san sanarwar da ba ta da rana ba ta ƙarewa. Sannan ya yi rantsuwa ya yi roƙo. Rantsuwar ma kaɗai ta isa a goge rubutun, domin ya zo a hadisi ingantacce cewa rantsuwa tana sayar da haja amma tana shafe albarka, kuma ko a idon wanda bai san hadisin ba, mai yawan rantsuwa a kan kayansa yana nuna kayan ba su iya tsayawa da ƙafarsu.

Ga wanda ya kamata ya fita a madadinsa:

“Ragowar ɗinkin Babbar Sallah: kaftanin shadda mai aikin hannu, guda 40 ne. Daga Alhamis 12 ga wata zuwa Lahadi 15 ga wata, ƙarfe 8 na dare, farashinsa N75,000 maimakon N90,000. Muna share wuri ne saboda sabon ɗinki. Ranar Litinin farashi zai koma yadda yake. Shagonmu na Wuse 2, ko a kira wannan layin.”

Babu alamar motsin rai ko ɗaya a ciki, babu manyan baƙaƙe, kuma bai fi abin da mutum zai karanta yana jiran danja ta ba shi hannu ba. Abin da ya fara ambata shi ne kayan da siffarsu, ragin ya biyo baya. Wannan jerin yana da muhimmanci ƙwarai. Idan lambar ragi ce a kan gaba, wanda za ka kira shi ne mai neman araha ko ta mene ne. Idan kaftanin ne a kan gaba, wanda za ka kira shi ne mutumin da ya ga rigar kafin Sallah, ya taɓa ta, ya ji tsadar ya ajiye. Shi ne ainihin wanda ake rubuta wa sanarwar, kuma shi ne zai iya dawowa watarana ya biya cikakken kuɗi.

Jimlar da ta fi kowace aiki a ciki ita ce ta dalili: muna share wuri saboda sabon ɗinki. Mai saye duk lokacin da ya ga farashi ya sauka sai ya nemi sanadi, idan ba ka ba shi ba zai ƙirƙiro nasa, kuma nasa ba zai yi maka daɗi ba. Zai ce shaddar ta fara koɗewa a rataye, ko ɗinkin yana da matsala, ko Alhaji ya ci bashi. Dalilin da ya fito daga lokaci ko daga tsarin shagon, kamar wucewar Sallah, zuwan sabbin kaya, cikar shago shekara biyar, ko buɗe reshe a Gwarinpa, yana ɗauke zargin daga kan kayan. Amma sai dalilin ya zama gaskiya. Idan aka ce sabon ɗinki na zuwa, to ya zo, a kuma nuna shi bayan mako ɗaya ko biyu a farashinsa cikakke. Ganin sabbin kayan nan shi ke tabbatar wa mutane cewa ragin na wancan kashin ne kawai. Dalili guda da bai kamata ya taɓa shiga rubutu ba, ko da shi ne gaskiyar da ke zuciya, shi ne “kasuwa ba ta tafiya”. Wannan magana ce tsakaninka da iyalinka da abokan sana'a.

Sai iyaka. Sanarwar ta biyu tana da iyaka a wuri uku ba tare da ta yi surutu ba: irin kayan, adadinsu, da lokacin. Hula da takalmi da yadin da ke shagon duk suna nan a farashinsu, don haka wanda ya shigo saboda kaftani zai ga cewa shagon bai rushe ba. Adadin 40 kuwa ya fi “kaya kaɗan suka rage” ƙarfi nesa ba kusa ba, saboda ana iya ƙirga shi. Game da lokaci, kwana uku zuwa biyar ya wadatar ga shago irin wannan. Kwana ɗaya ya yi kaɗan a garin da ma'aikaci ke fita daga Kubwa ko Nyanya da asuba ya dawo bayan isha'i, wata guda kuma ya yi yawa har mutane su ɗauki sabon farashin a matsayin na dindindin. Daga Alhamis zuwa Lahadi ya kama Juma'a da ranakun hutun ƙarshen mako, lokacin da ake ɗaurin aure kuma maza ke tuna suna buƙatar riga. Idan ya dace da ƙarshen wata da albashi ya shiga, ya fi.

A rubuta ranar da sunanta da kwanan watanta da awar rufewa. “Wannan makon kawai” ba ya aiki a waya, domin sitatus na WhatsApp yana ɓacewa bayan awa 24 amma hoton da aka ɗauka daga gare shi yana yawo a zaurukan 'yan uwa har wata biyu. Wata rana wani zai shigo da hoton a hannunsa yana cewa ai ku kuka ce wannan makon. Idan kwanan wata na jikin hoton, maganar ta mutu ba tare da gardama ba.

Akwai wani abu da ya shafi kasuwarmu musamman, wanda ba a cika lura da shi ba. Rangwame ba ya da ma'ana sai inda farashi yake tsayayye kuma sananne. A cikin kasuwar Wuse, inda mai kaya ke faɗin kuɗi, mai saye ya taya, a ce albarka, a ja a ja har a sallama, idan ka ce ka yi ragin kashi 20 tambayar ita ce daga wane farashin? Wanda ka gaya wa Hajiyar da ta zo da direba, ko wanda ka gaya wa maƙwabcinka? Shagon da ke son sanarwar raginsa ta yi daraja dole ya kasance tun kafin nan yana da farashi ɗaya da ake gani a jikin kaya ko a shafinsa. Shi ya sa ma na fi son a rubuta lambobin biyu a fili, 75,000 maimakon 90,000, a kan a ce “a yi magana ta akwatin sirri”. Ɓoye farashi gayyatar ciniki ce, kuma wanda ya fara ciniki a kan kayan da aka riga aka yi wa ragi, daga 75,000 zai fara tayawa ƙasa. A kaya masu tsada kuma faɗin kuɗin da aka cire ya fi faɗin kaso: 15,000 kuɗi ne da mutum ya san abin da za su saya masa, kashi 17 kuwa sai ya tsaya lissafi.

Lambar da aka ce ita ce tsohon farashi dole ta zama wadda aka sayar da kayan a kanta da gaske. Dabarar ɗaga farashi zuwa 120,000 a takarda domin a ce an sauko da shi 75,000 algus ce, kuma tana saurin tonuwa, tunda tsofaffin hotuna da farashinsu suna nan a Instagram ga duk mai son dubawa. Bayan haka doka ma ta hana. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta haramta yi wa mai saye bayanin ƙarya ko mai ruɗarwa game da kaya da farashinsu.

Kamannin sanarwar ba ya buƙatar dogon bayani. A yi amfani da launi da salon rubutun da shagon ya saba da su, hoto ɗaya mai kyau na rigar a haske, lambar farashin kuma kada ta fi rigar girma. Jan tauraro mai ƙyalli da aka manna a kan hoto yana sa shaddar 90,000 ta yi kama da kayan gwanjo. Idan za a tura ta saƙon tes ne, a san cewa saƙo ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar an saka ƙ ko ɗ ko ɓ ko alamar ₦ sai ya koma 70, saƙon ya rabu gida-gida, kuɗin turawa ya ninka. Don tes kaɗai a rubuta N a gaban lamba, a kuma zaɓi kalmomin da ma'anarsu ba ta rikicewa idan babu lanƙwasa.

Wa ya kamata ya fara ji? Tsofaffin abokan ciniki. Ranar Laraba, kwana ɗaya kafin a saka a fili, Alhaji ya tura musu saƙon kai tsaye da ƙarin layi ɗaya: “Ranka ya daɗe, mun ga ya dace ku fara sani kafin mu sanar gobe, ko akwai launin da za a ajiye maka.” Rubutu ɗaya ne, amma a nan ya zama girmamawa. Wannan yana kuma magance wata matsala da ke kashe amana a ɓoye, wato mutumin da ya sayi rigar 90,000 ranar Litinin ya ga 75,000 ranar Alhamis. Ba zai yi magana ba, zai daina zuwa ne kawai. Duk wanda ya saya cikin makon da ya gabaci ragin a kira shi, a ba shi bambancin a matsayin kuɗin da zai cire a sayayyarsa ta gaba, ko a aika masa da hula. Mutum uku ko huɗu ne yawanci, kuma abin da za a kashe a kansu bai kai abin da za a rasa idan suka tafi ba.

Cikin kwanakin huɗun nan sau uku ya isa a yi magana: ranar buɗewa, sau ɗaya a tsakiya da adadin gaskiya na abin da ya rage, sai safiyar Lahadi a tuna cewa yau ƙarfe 8 ake rufewa. Wanda ke sakawa kowace awa yana nuna babu mai zuwa.

Gwajin gaske yana zuwa ne ranar Litinin. A ce an sayar da 27, saura 13, kuma zuciya na raya wa Alhaji ya rubuta “saboda yawan buƙata mun ƙara kwana uku”. Kowa ya san fassarar wannan jimlar: kaya ba su ƙare ba. Kuma daga ranar babu wanda zai sake yarda da ranar rufewar da shagon ya faɗa. Guda 13 ɗin su koma kan rataye a 90,000, ko a cire su daga ido a bi da su ta wata hanyar, kamar sayar wa mai sari da zai kai su wani gari. Sannan ga wanda zai shigo da fara'a ya ce, “Haba Alhaji, jiya-jiya fa aka rufe, ina Kaduna ne, a yi mini alfarma.” A al'adarmu ƙin yin alfarma yana da nauyi, kuma ba na ganin ya kamata a kore shi da busasshiyar fuska. Amsar da ke riƙe mutunci biyu ita ce: “Yallaɓai, farashin ya riga ya koma, kuma idan na sauko maka na ci amanar waɗanda na gaya wa Lahadi ce ƙarshe. Amma ɗauki rigar, gyaran tsawo da guga da kai maka gida duk a kaina.” Ya samu abin da zai ji an karrama shi, lambar kuma ba ta motsa ba. Gyara irin wannan, wadda 'yan kasuwarmu suka daɗe suna yi, sau da yawa ta fi ragi dacewa tun daga farko: turare ƙarami a kan kowace riga yana tsaya wa shago a kan kuɗi kaɗan, kuma ba ya taɓa farashin da mutane suka haddace.

Yawan maimaitawa shi ne ke lalata ko da sanarwar da aka rubuta da kyau. Kamfanin J.C. Penney na Amurka ya shekara da shekaru yana sabar wa mutane ragi da takardun rangwame kusan kullum. A 2012 sabon shugabansa Ron Johnson, wanda ya zo daga Apple, ya soke wannan tsarin ya koma farashi ɗaya tsayayye. Masu saye suka watse, cinikin shekarar ya faɗi da kusan kashi 25 cikin ɗari, aka sallame shi a watan Afrilun 2013. Mutanen sun riga sun koyi jira, ba sa iya sayen komai sai sun ga an soke wata lamba an rubuta wata. A ɗaya ɓangaren kuma, a 2018 aka gano a rahoton kamfanin Burberry na Birtaniya cewa ya lalata kayan da ba su sayu ba na fam miliyan 28.6 a shekara guda, abin da ya jawo masa suka har ya sanar da dainawa a watan Satumbar wannan shekarar. Wannan almubazzaranci ne da ba wanda zai ba Alhaji shawarar ya kwaikwaya, amma yana nuna irin nisan da manyan kamfanoni ke zuwa don kada a saba ganin kayansu a wulaƙance. Ga shago kamar na Wuse 2, sau biyu a shekara, bayan kowace Sallah, ya isa. Kada kuma a yi shi kafin Sallah, lokacin da mutane za su saya ko da ragi ko babu.

Ana gane ko sanarwar ta yi ɓarna ne a makonni biyu zuwa uku da suka biyo baya, ba a cinikin kwanakin ragin ba. A duba littafin shago: idan sabon ɗinki yana fita a farashinsa kamar yadda ya saba fita a irin wannan lokacin bara, farashin ya tsira. A kuma saurari abin da masu kira ke fara tambaya. “Akwai ruwan toka a lamba ta?” alama ce mai kyau. Idan kuwa tambayar farko ta koma “yaushe za ku sake yin ragi?”, kuma daga bakin mutanen da a da ba sa tayawa, to an yi shi da yawa ko an yi shi da ƙara, sai a tsallake na Sallah mai zuwa, a yi gyara a madadinsa.